Na saka kaso a wurin ƙidaya, na wanke ɗan ludo mai laifi

Jifa 300 na yi wa ɗan ludon nan a cikin sanyin Jos, a ƙoƙonsa na roba, kan tabarma ɗaya, wani yaro yana jan layi a takarda duk abin da ya fito. Dalili kuwa, a majalisarmu ta Unguwar Rogo wani yayanmu tela ya daɗe yana cewa wannan ɗan ludo yana son shida fiye da kima. Ni da nake koyar da lissafi na ce a bar gardama, gwajin kai-sukwaya, mai auna nisan abin da aka gani daga abin da ake sa rai, zai raba mu. Ga abin da ya fito: 1 sau 38, 2 sau 47, 3 sau 45, 4 sau 52, 5 sau 46, 6 kuma sau 72.

Aikin ba wuya. In ɗan ludo lafiyayye ne, kowace fuska ana sa ran ta zo sau 300 a raba shida, wato 50. Sai ka ɗauki abin da ka gani, wato O, ka cire abin da ake sa rai, wato E, ka ninka bambancin da kansa, ka raba da abin da ake sa ran, ka tara na fuskoki shida:

```
χ² = Σ (O − E)² / E
```

To ni kafin in kai nan sai na yi abin da hannuna ya saba yi da sakamakon jarrabawa. Na mayar da komai kaso cikin ɗari, wai don teburin ya yi kyan gani: 12.7, 15.7, 15.0, 17.3, 15.3, 24.0, abin sa rai kuma 16.7. Su na zuba cikin lissafin, amsa ta fito kusan 4.5. Iyakar da ake dubawa a tebur, wadda in amsa ta haye ta ake zargin ɗan ludo, a matakin kashi 5, da darajar 'yanci 5, wato yawan fuskoki a cire ɗaya, ita ce 11.07. Ina 4.5 ina 11.07? Na je majalisa na ce, "Yaya, lissafi ya wanke shi, sa'arka ce ba ta zo ba." Aka yi masa dariya, ya yi shiru ya ci gaba da ɗinkinsa. Wannan dariyar ce har yau take ci mini rai.

Abin da ya ƙara rufe mini ido shi ne 4.5 lamba ce mai kama da gaskiya. Ɗan ludo lafiyayye, in aka yi ta maimaita gwajin, matsakaicin abin da yake bayarwa 5 ne, daidai da darajar 'yancinsa. Da 0.2 na samu ko 400, da na tsargu na koma baya. Amma 4.5 ta zo mini kamar wadda aka auna.

Ƙanwata da take karatu a jami'a ce ta ga takardar bayan kwana biyu. Tambaya ɗaya ta yi: "Yaya, ina 300 ɗinka ta shiga a nan?" Ba ta shiga ko'ina ba. Ginshiƙin O nawa in ka tara shi 100 yake bayarwa. Wato na yi wahalar jifa 300, na ce wa lissafin jifa 100 kawai na yi.

Muka sake da ƙidayar asali. Bambance-bambancen daga 50 su ne −12, −3, −5, +2, −4, +22. In aka ninka kowanne da kansa: 144, 9, 25, 4, 16, 484, jimla 682. A raba da 50, ya ba da 13.64. Ya haye 11.07, bai kai 15.09 ta matakin kashi 1 ba. A Excel:

```
=CHISQ.DIST.RT(13.64,5)
```

Yana ba da kusan 0.018. Ma'ana, in da ɗan ludon lafiyayye ne, karkata irin wannan ko wadda ta fi ta ba za ta zo ba sai kamar sau biyu a gwaji ɗari. Tela ya fi ni gaskiya.

Ka lura 13.64 a raba uku shi ne 4.55, lambar da ta yaudare ni. Ba dace ba ne. Ga karkata iri ɗaya, kai-sukwaya yana girma ne daidai da yawan jifa, domin shida ta zo kashi 24 a jifa 25 ba komai ba ne, amma ta riƙe kashi 24 har jifa 300 magana ce. Kaso yana goge wannan bambanci, kullum yana ɗaukar jifarka 100 ce. Ni da na wuce 100, ya rage mini amsa ya wanke mai laifi. Wanda ya jefa 50 kacal, kaso zai ninka masa amsa biyu, ya je ya ɗora wa ɗan ludon kirki laifi. Shi ya sa yanzu kafin in taɓa komai nake tara ginshiƙin O da na E. In duka biyun ba su ba ni adadin jifan da na yi ba, ban ci gaba.

Wannan dalilin ne kuma ya sa ƙa'idar nan ta gwajin mai cewa "kowace fuska a sa ran ta zo aƙalla sau 5" ba ta isa a jingina da ita ba. Tana nufin jifa 30 ta wadatar don teburin ya yi aiki yadda ya kamata, ba ta ce 30 za ta kama ɗan ludo mai karkata ba. Irin wannan karkatar tamu, a jifa 60 kusan 2.7 za ta bayar, ka wuce ba ka ga komai ba. Kuma ka yanke adadin jifa tun kafin ka fara. Mai jefawa yana leƙa lissafi, ya tsaya da zarar ya haye 11.07, zai kama masu lafiya da yawa fiye da ɗaya cikin ashirin da gwajin ya yarda ya yi kuskure a kansu. Darajar 'yanci kuwa 5 ce ba 6 ba, don in ka san fuskoki biyar da jimla, ta shidan ta riga ta bayyana.

Tunda na taɓa jin kunya, na ƙara wata 300: 40, 49, 44, 50, 48, 69. Ita kaɗai ta ba da 10.04, ƙasa da iyaka kaɗan. Da ita na fara samu, da na sake cewa "an wanke shi", kuma da na sake kuskure, domin rashin haye iyaka ba shaidar lafiya ba ce, hujja ce kawai ba ta cika ba. Shida dai ta sake yin sama, ɗaya ta sake yin ƙasa. Da na haɗa 600 ɗin, 78, 96, 89, 102, 94, 141, ana sa ran 100 kowanne, amsa ta zama 23.42, sama da 20.52 ta matakin ɗaya cikin dubu.

Daga cikin 682 ɗin farko, 484 na shida ne, 144 na ɗaya, kuma waɗannan fuskoki biyu suna bayan juna, tunda kowace fuska da ta bayanta bakwai suke haɗawa. Hakan ya yi kama da nauyi ya rinjaya ɓangaren ɗaya, yana yawan kwanciya a kanta. Amma wannan hasashena ne, gwajin bai faɗi dalili ba, balle ya ce wani ya yi maguɗi. Ɗan ludon roba ne na kasuwa, kuma da na duba shi kusa da fitila kusurwoyinsa ba su ci daidai ba.

Na koma shagon da takardar ta biyu, na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni na ɓata lissafin." Bai ko kalli lambobin ba. Ya ce in sayo sabon ɗan ludo, kuma in jefa shi 300 a gabansa kafin a fara wasa da shi.