A ƙarshe ma'ajiyar ta buɗu: imel ɗin da na aika wa babban ma'aikaci

Yau `git clone` ya yi aiki a kan ma'ajiyar kamfanin da na fara wa aiki a nan Garwa, kuma ina so in rubuta yadda aka yi tun abin bai fita daga kaina ba, domin waɗanda muke koyo tare za su tarar da irinsa ranar da aka ɗauke su aiki.

Tun makon da na fara, babban injiniyanmu ya ce ya riga ya saka ni a ma'ajiyar, amma duk lokacin da na gwada ɗauko ta sai wannan amsa ta fito:

```
ERROR: Repository not found.
fatal: Could not read from remote repository.
```

Wannan saƙo ya ba ni haushi ƙwarai, domin yana cewa ma'ajiyar ba ta nan, alhali ina ganinta da idona a kwamfutar abokin aikina. Dalilin kuwa shi ne, idan ma'ajiya ta sirri ce kuma asusunka ba shi da izinin shiga, GitHub ba ya gaya maka cewa an hana ka, sai ya nuna kamar babu ita sam, don kada baƙo ya gane tana nan. Saboda haka sai mutum ya shiga zargin mabuɗinsa na SSH, yana ta sake ƙirƙirar sabo a banza.

Umarni ɗaya ne ya raba mini gardama:

```
ssh -T git@github.com
```

Da matsalar daga mabuɗi take, da na ga `Permission denied (publickey)`. A maimakon haka sabar ta gaishe ni da sunan asusuna, ta ce an tantance ni. Ke nan mabuɗina lafiya lau yake, izinin ne bai iso asusun ba, kuma wannan ba abin da zan iya gyarawa da hannuna ba ne. Daga nan na zauna na rubuta imel kamar haka:

"Assalamu alaikum Yallaɓai, da fatan kuna lafiya. Ina neman izinin shiga ma'ajiyar manhajar biyan kuɗi da aka ce zan fara aiki a kanta. Sunan asusuna na GitHub yana ƙasa, kuma ina bukatar matakin `Write` domin in iya tura reshena in nemi a duba. Na gwada `ssh -T` ya karɓe ni, amma `git clone` yana ba da saƙon da na manna a nan, don haka ina ganin gayyatar ce ba ta kammala ba. Idan kun samu sarari, ina kuma roƙon ku gaya mini reshen da ake farawa daga kansa, da wanda zai ba ni bayanan `.env`, da wanda zai riƙa duba aikina. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ina alfahari da wannan imel, domin kowace jimla a cikinsa ta rage wa mai amsa wata tambaya da zai yi mini. Na faɗi matakin izinin da sunansa, saboda wanda aka ba `Read` kawai zai ɗauko ma'ajiyar ba tare da cikas ba, sai ranar da ya zo turawa ne za a dakatar da shi, ya koma neman izini karo na biyu. Na kuma manna saƙon kuskuren a rubuce, ban aika hoton allo da aka ɗauka da waya ba, wanda a ganina yakan sa babba ya ajiye imel ɗin sai an jima. Bayanan `.env` kuwa na tambayi wanda zai ba ni su ne kawai, ban ce a turo su ta imel ba, tunda kalmomin sirri ne ke ciki.

Amsarsa ta zo kafin azahar, kuma gajeriya ce. Ashe ya aika gayyatar da gaske, amma ta tafi adireshin da asusuna ke ɗaure da shi, wanda na buɗe tun ina ɗalibi a Ngaundere, ba sabon adireshin aiki ba. Gayyatar GitHub tana lalacewa bayan kwana 7 idan ba a karɓa ba, kuma tawa ta riga ta wuce. Ya sake aikawa, na shiga shafin ma'ajiyar na ƙara `/invitations` a ƙarshen adireshin, na karɓa, sai komai ya sauko.

Abin da ya ci mini rai bayan haka shi ne data. Tarihin ma'ajiyar yana da nauyi, `npm install` ya ƙara nasa, kuma datar sefa dubu biyu da na saya ta ƙare kafin la'asar. Wanda yake aiki da datar wayarsa ya gwada `git clone --depth 1`, wanda ke ɗauko sigar ƙarshe kaɗai ba tare da tsohon tarihi ba. Yanzu manhajar tana tashi a kwamfutata, amma gwaje-gwajen da suka shafi rumbun bayanai suna faɗuwa, kuma ina zaton wani layi ne ya ɓace a `.env` ɗin da aka ba ni, don haka gobe da safe zan kwatanta shi da `.env.example` layi bayan layi.