Inda na kai a sauya launin rigar shadda a hoto

'Yan'uwa masu koyo, aikin da nake kai a wannan makon shi ne hoton wata doguwar riga ta shadda mai launin sararin samaniya, wadda telan da ya ɗinka ta yake son abokan cinikinsa su gan ta a ja mai duhu. Shadda tana da wuyar sha'ani a nan, domin zanen da aka saƙa a jikinta launinsa ɗaya da sauran yadin, kuma ido yana gane shi ne kawai ta bambancin sheƙi. Idan haske da inuwa suka baje, zanen ya tafi tare da ninkin rigar.

Abin da na tabbatar shi ne, launi daban, haske daban, kuma kowanne yana bukatar shimfiɗarsa, wato layer ɗinsa, a Photoshop. Na fara da ware rigar da Select and Mask, na buɗe rukuni guda na ɗora masa wannan zaɓin, domin duk abin da zan zuba a ciki ya tsaya iyakar rigar. Sai na sa shimfiɗar Solid Color mai lambar #7A1F2B, na mayar da yanayin haɗinta daga Normal zuwa Color. A Normal launin yana rufe komai kamar an shafa wa bango fenti, amma a Color yana ɗaukar launi daga sama ya bar hasken hoton asali yadda yake, don haka ninki da saƙa suka fito gaba ɗaya.

Sai dai rigar ta zama ruwan hoda maimakon ja mai duhu, kuma dalilin haka ya cancanci a tsaya a kansa. A ma'aunin haske na 0 zuwa 255, jikin rigar yana wajen 180, alhali jan da na zaɓa haskensa bai wuce 60 ba. Tunda Color ba ya taɓa haske, abin da zai bayar shi ne ja mai hasken 180. Mutane da yawa a wannan gaɓar sukan ja Lightness na Hue/Saturation baya, ni kuwa ba na shawartar haka, saboda yana dusashe wuraren sheƙi tare da sauran yadin, har shadda mai tsada ta koma kamannin yadi maras ƙyalli.

Maganin shi ne shimfiɗar Curves, mai layin da ake lanƙwasawa don sauya haske, a ƙarƙashin ta launi. Na kafa ɗigo a kan 180 na sauke shi zuwa wajen 75, na bar ƙarshen sama a 255 ban taɓa ba, sannan na kafa wani ɗigon a ɓangaren inuwa don kada layin ya kwanta. Duk inda layin Curves ya kwanta, bambancin haske ya mutu a wurin, kuma za ku gane hakan idan kuka duba ninkin ƙarƙashin hannu kuka ga baƙi guda ba tare da zurfi ba. Tsayuwar da layin ya yi tsakanin 180 da 255 ita ce ta ƙara fito da zanen shaddar.

Saura sheƙi. Inda haske ya bugi yadi sosai, abin da ido yake gani ya fi kusa da launin fitilar ko na rana, don haka bai kamata ja ya cika wurin ba. Na buɗe Blending Options na shimfiɗar launi, a sashen Blend If na riƙe Alt na raba farin maɓallin Underlying Layer gida biyu, ɗaya a 200 ɗaya a 245, domin launin ya janye a hankali. A nan akwai tarko: da zarar ja ya janye, shuɗin asali zai leƙo daga cikin sheƙin. Shi ya sa na sa shimfiɗar Hue/Saturation a can ƙasan rukunin, na kai Saturation zuwa -100, sheƙin ya fito fari tas.

Iyakar wannan hanya tana ga ingancin hoton. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma Curves mai tsayi yana fito da tabon matsin a fili, musamman a kafaɗa, don haka na roƙi telan ya turo na asali daga wayarsa. Abin da ya rage mini yanzu shi ne shuɗin da rigar ta haska a wuyan mai sanye da ita da kuma siririn layi a gefen hannun riga, waɗanda zan bi da buroshi mai laushi a wata shimfiɗar Color ta dabam, da ƙarfin kashi 20 cikin ɗari.