Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Albarka

A makon jiya na tsaya a inda mai nemo wa kamfanin nan na Abuja ma'aikata ya bugo mini waya kan aikin akanta, a ƙarshen 2023. Bayan ganawa har sau uku, sai ya ce za su ba ni Naira 300,000 a wata. Raina ya ɓaci, amma sai na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, a rumfarsa ta Kantin Kwari. Ko an yi wa shadda tayin wulaƙanci, "albarka" kawai yake cewa. Yakan ce da ni, "Wanda ya taya yana so, kada ka kore shi."

Ban amsa a waya ba. Na ce, "Na gode, Yallaɓai, aikin nan ina son sa. A turo mini a rubuce, a ba ni kwana biyu." Na kuma tambaye shi ko kuɗin kafin a cire haraji ne ko bayan an cire. Ya ce kafin. Da na cire kashi 8 cikin 100 na fansho, wajen 24,000, na cire haraji, abin da zai shigo hannuna bai kai 245,000 ba. A Kano 230,000 nake karɓa, kuma a gidanmu nake zaune ba haya.

Yaya ya ce in karɓa kawai, aiki wuya yake yi. Haka ya ce mini a 2016, na bi maganarsa, na shekara huɗu a kan albashi ɗaya. Har yau abin yana ci mini rai.

Saƙon da na tura gajere ne. Na fara da godiya, na faɗi abin da ya ja ni, wato gyaran lissafin rassansu da muka tattauna. Sannan na ce da shekara bakwai da na yi a aikin akanta, da kuɗin haya a Abuja, 400,000 ne zai sa in sa hannu a makon nan. Idan kuma kasafinsu bai kai ba, a duba kuɗin ƙaura da sake duba albashi bayan wata shida. Ban ce wasu suna nemana ba, don babu. Shi mai nemo ma'aikatan ba shi ke yanke albashi ba, ɗan aike ne, shi ya sa na rubuta abin da zai iya miƙa wa manyansa yadda yake.

Kwana huɗu shiru, Yaya yana ta cewa na yi wa kaina. Ni dai maganar Baba na riƙe. A rana ta biyar suka dawo da 360,000 da kuɗin ƙaura. Maganar wata shida kuwa, na ce sai an sa ta cikin takarda, aka sa, sannan na sallama.