Kafin ka sayi akwatin juya agogo

Ƙannena, sau da yawa idan ɗayanku ya sayi agogonsa na farko marar batir, irin wanda motsin hannu ke ba shi rai, tambayar da ke biyo baya ita ce ko ya haɗa da akwatin nan mai ɗan inji da ke juya agogo idan an cire shi. Na saya, na yi amfani da shi shekara huɗu, kuma kuɗin gyaran da na biya a ƙarshe ya fi kuɗin akwatin.

A bayan irin wannan agogo akwai wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke lilo duk lokacin da hannu ya motsa. Lilonsa ke naɗe babban sifirin da ke cikin wata 'yar ganga, sifirin kuma ya riƙa warwarewa a hankali yana tura haƙoran agogon. Idan ya cika, yawancin agogunan da muke iya saye suna yin awa 38 zuwa 42 a ajiye kafin su tsaya. Aikin akwatin ɗaya ne tak: ya hana su tsayawa.

Abin da ya sa na saye shi shi ne maganar da mai kanti ya yi mini, cewa idan agogo ya daɗe a tsaye mansa zai daskare. Maganar tana da asali. A da can da man dabbobi ake shafa wa agogo, shi kuwa yana yin danƙo idan ya jima. Man da ake amfani da shi yanzu na haɗi ne, kwanciyar mako ko wata ba ta daskarar da shi. Yana dai tsufa da shekaru, ko agogon na tafiya ko yana kwance. To ka ga akwatin bai ƙara wa man kwana ba. Abin da ya ƙara shi ne aiki.

Agogon nawa na Suwizalan ne, ranar Juma'a kawai nake ɗaura shi. Zuciyarsa, 'yar ƙafar nan da ke kai da komo tana daidaita lokaci, na bugawa sau 28,800 a awa, wato sau 691,200 a rana. Da a aljihun tebur nake ajiye shi, zai yi yinin Juma'a a hannuna, ya ƙara kamar awa 40, ya tsaya wajen safiyar Lahadi ko rana: kwana biyu da 'yan awoyi a mako. A cikin akwatin kuwa kwana bakwai yake yi cur. Na ninka masa aiki sau uku don kawai kada in ɓata minti ɗaya ina saita shi.

Amma kada in zalunci akwatin. An ƙera agogo ne don ya yi ta tafiya, wanda ke ɗaura nasa kullum ma bugun nan yake yi. Babban kuskurena yana wurin saiti. A jikin akwatin akwai lambobi da aka rubuta TPD a kansu, wato yawan juyi a rana. Na murza shi zuwa mafi girma, kusa da 2,000, ina ganin yawan ai alheri ne. Agogon nawa kuwa kimanin 650 yake buƙata. Sifirin ba ya tsinkewa don juyi ya yi yawa, domin an yi wutsiyarsa ta yadda idan ya cika za ta zame a jikin gangar. Sai dai zamewar nan gugar ƙarfe da ƙarfe ce, maiƙo kaɗan ne a tsakaninsu. A hannun mutum jefi-jefi take faruwa. A akwatina kullum sifirin a cike yake, kullum wutsiyar na guga.

Alamun sun zo, ban karanta su ba. Da farko agogon da ke yin awa 40 a ajiye ya koma yana tsayawa kafin awa 30. Daga baya idan na girgiza shi kusa da kunne sai in ji ƙarfen lilon yana ƙara-ƙara kamar akwai yashi a ciki. Na bar shi yana juyawa a haka wata da watanni, kuma nan ne ainihin ɓarnar, domin agogon da mansa ya bushe gara ya kwanta da ya yi ta gudu.

Da na kai wa wani dattijo mai gyara, ya ɗora shi a kan na'urar da ke sauraren bugun agogo. Ya ce lafiyayye irin wannan, a kwance kuma a cike, zuciyarsa kan yi lilo wajen digiri 270 zuwa 300, nawa kuwa da ƙyar yake haura 200. Ya buɗe gangar ya miƙo mini madubin idonsa. Maiƙon ya koma baƙi ƙirin, ya cakuɗe da garin ƙarfe, bangon ciki duk ya karce.

"Ɗana, aikin ƙarfi kake yi da shi?"

"A'a Baba, a akwati yake kwana."

"To akwatin ne ya yi aikin ƙarfin." Ganga da sifirin da ƙananan ƙafafun da ke karɓar juyi duk sai da aka sauya.

Akwai kuma maganaɗisu. Injin da ke cikin akwati yana da shi, mai arha kuma ba lallai ne an killace shi da kyau ba. Idan ya kama siririn sifirin da ke daidaita bugu, zobbansa kan manne da juna, agogo ya fara gudu da mintoci a rana maimakon daƙiƙu. Gwajin mai sauƙi ne: kusanto da agogon ga kamfas ɗin duba alƙibla, idan allurar ta bi shi, ya kamu. Mai gyara zai cire shi cikin ɗan lokaci kaɗan. Ga mu kuma da ɗauke wuta. Akwatin da ya kwana biyu ba lantarki agogonsa tsayawa yake yi.

Wa ya kamata ya saya? Mai agogon da ke lissafin rana da wata da shekara da kansa har da shekara mai kwana 366, ko mai nuna tsayuwar wata, domin saita irin waɗannan bayan sun tsaya aiki ne mai wuya kuma kuskure a ciki na da tsada. Sai dattijo ko marar lafiyar da yatsunsa ba sa iya murza ɗan kan da ke gefe. Tsohon Seiko 5 ba a iya wana shi da hannu, wasu don haka suke saye, amma girgiza shi a hankali na rabin minti ya isa ya tashe shi. Mai agogo ɗaya da yake ɗaurawa kullum ba ya buƙatar komai.

Idan kana cikin masu buƙata, nemi wanda ke juyawa ya huta, ba mai juyawa dare da rana ba, kuma wanda ake zaɓar masa yawan juyi da ɓangaren da zai juya. Ɓangaren na da muhimmanci, domin wasu injunan agogo, kamar Valjoux 7750 da Miyota 8215, ta gefe ɗaya kawai suke naɗewa. Ka juya su ta ɗayan gefen, za su yi ta lilo a banza har su tsaya. Ka fara wana agogon da hannu sau 20 zuwa 30, ka sa shi a 650, ka duba bayan kwana uku. Idan yana tafiya daidai, bar shi nan. Idan ya tsaya, sauya ɓangare tukuna kafin ka ƙara lamba.

Nawa yanzu a aljihun tebur yake, nesa da waya da lasifika. Safiyar Juma'a nakan wana shi sau 30, in kai allurai wajen ƙarfe 6 kafin in taɓa kwanan wata, saboda tsakanin 9 na dare da 3 na asuba haƙoran sauya kwana suna sarƙe kuma tilasta su na iya karya su. Sannan in saita lokaci in ɗaura. Idan na yi tafiya mai tsawo, na bar wa ƙanena ya riƙa tashinsa sau ɗaya a wata.