Kafin Ka Ja Ƙofa Ka Tafi

Sana'ata a Kano ita ce kula da gidajen da masu su suka yi doguwar tafiya, alhazai da masu zuwa jinya Masar ko Indiya. Kowa ɓarawo yake tsoro. Ni kuwa ɓarnar da na fi gani ta ruwa ce da ta firij.

Idan na shiga gida, wajen tanki nake fara nufa. In kashe injin burtsatse, in rufe bawul ɗin da ke ƙasan tanki, sannan in buɗe famfo ɗaya in ga ya ɗauke. Wani Alhaji ya bar bawul ɗinsa a buɗe lokacin aikin Hajji, tiyon da ke bayan masai ya tsage, tanki guda ya juye cikin ɗaki. Kafet ya ruɓe, ƙafafun gado suka kumbura, gara ta samu wurin zama. In damina ce, sai an share indararo da magudanar tsakar gida, don leda ɗaya ta isa ta mayar da ruwa falo.

Firij kuwa ba na jayayya a kansa. Hajiya takan ce, "Malam, ai naman zai daskare." Nakan ce, "Hajiya, da wace wutar?" A rabar da abin da ke ciki, a wanke shi, a cire soket, a bar ƙofarsa a ɗan buɗe don kada ya yi fumfuna. Wake da masara a zuba a jarka mai murfi, in ba haka ba ƙwari su riga ku ci.

Tukunyar gas a cire mata kai a fitar da ita inda iska ke shiga. Wuta a kashe daga babban makunni. Mai sola ya cire kayan wuta daga kan inbata amma ya bar batir yana caji, domin batirin da ya zauna fanko wata biyu da wuya ya dawo daidai. Janareta a rufe masa mai a bar shi ya mutu da kansa.

Gwal da takardun fili ba na karɓar ajiyarsu, ba kuma na yarda a bar su ƙarƙashin katifa. A kai wa amintaccen ɗan'uwa, a rubuta, a sa shaida.

Makulli mutum ɗaya nake so ya riƙe, wanda maigadi da maƙwabci suka san fuskarsa, a kuma sanar da mai unguwa. In aka raba wa mutum uku, ranar da abu ya ɓata babu wanda za a tambaya. Yaronmu yana zuwa sau ɗaya a mako, ba a rana ɗaya kullum ba. Ya buɗe tagogi, ya duba silin ko akwai tabon yoyo, ya zuba bokitin ruwa a kowane masai, domin ruwan da ke kwance a wuyansa in ya bushe wari da kyankyasai ke hawowa. Daga nan ya ɗauki hoto ya tura wa maigidan.