Santimita shida da ban auna ba

A makon nan na miƙa mabuɗin lokata, na kwashe littattafan aikina daga ɗakin gwaji, na bar Samaru bayan shekara uku. Kafin abin ya dushe a raina, ina so in rubuta wa ƙannena da suka gaji bencina labarin kolum ɗin nan na gilashi da ke jingine kusa da taga, wanda ya ci mini wata huɗu da kuma mutuncina a gaban malaman sashe.

Aikina kan wani enzayim ne, fosfatas, da na tsamo daga tsiron dawa. Na tace shi har ya rage layi ɗaya a jel ɗin SDS-PAGE, wajen dalton 30,000. Amma SDS warware furotin yake yi, ya raba shi da abokan haɗinsa, don haka ba ya faɗa maka ko enzayim ɗin shi kaɗai yake yawo a cikin ruwa ko biyu-biyu. Wannan tambaya sai kolum ɗin tace girma. Namu Sephadex G-100 ne, irin jel ɗin da Porath da Flodin suka fito da shi a Uppsala a 1959, kuma yana raba dunƙulallun furotin daga dalton 4,000 zuwa 150,000. Ƙwayoyinsa cike suke da ƙananan ramuka. Babban furotin ba ya iya shiga, sai ya bi ta tsakanin ƙwayoyin ya riga kowa fita. Ƙarami kuwa ya shiga wannan rami ya fita, ya faɗa wancan, sai can daga baya ya iso.

Karon farko na yi komai bisa ƙa'ida. Na jiƙa garin jel kwana uku, na tsiyaye dusar da ke yawo a sama, na zuba shi a kolum mai faɗin santimita 1.6 har ya kwanta a tsayin santimita 60, wato mililita 120 ke nan gaba ɗaya. Bafa ɗina, wato ruwan da ke bi ta cikin kolum, Tris ne da gishiri 0.15 M. Sannan na ɗora bulu dekstiran, wanda nauyinsa ya kai dalton miliyan biyu, babu ramin da zai ɗauke shi. Na zauna ina kallon shuɗin zoben nan yana gangarowa a miƙe kamar an ja shi da rula, ya fito a mililita 40. Wannan shi ne V0, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jel, kuma a kolum mai lafiya yakan zo wajen kashi ɗaya cikin uku na jimlar. Bayansa na bi da furotin huɗu da aka san nauyinsu: albumin na jinin shanu mai 66,000 ya fito a mililita 55, obalbumin na farin ƙwai mai 43,000 a 65, kabonik anhaidires mai 29,000 a 73, sai saitokurom c mai 12,400, wanda ja-ja ne ana ganinsa da ido, a 92. Kowanne na lissafa masa rabonsa:

```
Kav = (Ve - V0) / (Vt - V0)
```

Ve shi ne inda furotin ya fito, Vt kuma jimlar jel ɗin. Da na zana Kav a kan log na nauyi, ɗigo huɗun suka hau layi ɗaya, daga 0.19 zuwa 0.65. Na manna zanen a bangon littafina ina jin daɗi.

Ana saura kwana biyu hutun Sallah na tafi gida ban matse tiyon ƙasa da kyau ba. Laifina ne, ban taɓa ɗora wa wani ba. Da na dawo, bafa ya tsiyaye, saman jel ya bushe ya tsattsage kamar ƙasar fadama a watan Afrilu. Na juye shi, na wanke, na sake zubawa. A wajen wanki wani ɓangaren jel ya bi ruwa, kuma don sauri na ɗaga kwalbar bafa sama sosai, ga shi G-100 jel ne mai laushi da ba ya son matsi, sai ya danne.

Na je wurin malamin da ke duba aikina na roƙi a ba ni bulu dekstiran da furotin ɗin awo in sake gwada kolum. Suna kulle a firij ɗin ofishinsa. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kayan tsada ne, ɗalibai shida ke jiransu, kuma ai amfanin Kav ke nan, bai damu da girman kolum ba. Na ce to, Malam. Na koma na ɗora enzayim ɗina, na tara mililita ɗaiɗai da hannu, na ɗiga kowanne cikin pNPP, sinadarin da fosfatas ke mayarwa rawaya. Kwalaben da suka fi yin rawaya sun taru a mililita 58. Na cire 40 daga 58, na raba da 80, na sami 0.225. A kan layina wannan dalton 58,000 ne. Biyu sau 30,000 kuwa 60,000. Zuciyata ta buga, na ce enzayim ɗina tagwaye ne. Malam ya ji daɗi ƙwarai, ya sa na ɗora maganar a kan taken jawabina.

Ranar gabatarwa, wata malama da ba ta cika magana ba ta ce in koma hoton kolum ɗin. Ta dube shi, ta ce, “Ɗana, wannan zanen awon yaushe ka yi shi, kuma enzayim ɗin yaushe ka ɗora?” Na faɗi kwanakin. Ta ce, “Tsakaninsu ka taɓa jel ɗin?” Na ce na sake zubawa. Ta ce, “To V0 na wane kolum ka saka a lissafi?” Ɗakin ya yi tsit. Na juya wajen Malam, sai na ji yana cewa shi ma ya sha gaya wa ɗalibai kada su riƙa gaggawa. Har yau idan na tuna wannan jimla sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Na yafe, amma ban manta ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganarsa ta farko tana da gaskiya a ciki. Kav yana ba ka damar kwatanta kolum biyu masu jel iri ɗaya, amma da sharaɗin V0 da Vt na kolum ɗin da ke gabanka ka saka. Ni kuwa na ɗauki Ve na sabon zubi na haɗa da V0 da Vt na jel ɗin da ya riga ya tafi. Kuma rabin gyaran ba ya buƙatar ko kwabo. Washegari tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin, wanda duk muke kira Baba, ya miƙo mini rular katako ya ce, “Auna mana mu gani.” Santimita 54. Jel ɗin ya ragu da shida, Vt ya koma wajen mililita 108, ina ta wucewa ta gabansa kullum ban lura ba.

Baba ne ya samo mini ɗan ragowar bulu dekstiran a wata tsohuwar kwalba. Na so in gauraya shi da albumin in huta da zama biyu, ya hana ni. Ya ce shuɗin rinin da ke jikinsa yana kama albumin, yana kama enzayim da yawa, sai ya ja su su fito da wuri, don haka shi kaɗai ake ɗora shi. Ya fito a mililita 36. Sabon lissafi: 58 a cire 36, a raba da 72, ya ba da 0.31, wato wajen dalton 43,000. Da malamar nan ta sa baki aka ba ni furotin ɗin awo, obalbumin ya fito a mililita 58 cif, kwalba ɗaya da enzayim ɗina. Mililita huɗu a V0 da goma sha biyu a Vt suka ƙara wa furotin ɗina dalton 15,000 da ba nasa ba. Dalili shi ne layin na log ne: a wannan kolum, kuskuren mililita biyu kacal yana karkatar da nauyi da kusan kashi goma cikin ɗari.

To amma 43,000 ba 30,000 ba ne, ba kuma 60,000 ba. Nan na daɗe a tsaye, kuma nan na fahimci abin da nake aunawa tun farko. Kolum ba sikeli ba ne. Bai san nauyi ba, faɗin da furotin ke ci yayin da yake juyawa cikin ruwa kawai ya sani. Ƙwallon goruba da sandar rake mai nauyi ɗaya ba za su bi ta rami ɗaya ba. Fibirinojin na jini nauyinsa wajen 340,000 ne, feritin 440,000, amma da yake fibirinojin dogo ne siriri, shi ke riga fita a jel mai manyan ramukan da za su ɗauke su. Furotin ɗin awo duk dunƙulallu ne, saboda haka layin yana faɗin gaskiya ne ga dunƙulalle kawai. Mai tsawo, ko mai sarƙoƙin sukari a jikinsa, zai nuna ya fi nauyinsa. Akwai kuma yiwuwar enzayim ɗin yana haɗuwa biyu-biyu yana rabuwa cikin sauri, sai ya fito a tsakiya. Wannan na iya gwadawa: na ɗora shi da kauri, na sake ɗora shi a tsinke sau goma. Da haɗuwa da rabuwa yake yi, da tsinkakken ya jinkirta. Duka biyun a 58 suka fito. Don haka a kundina na rubuta cewa yana fita kamar dunƙulallen furotin mai dalton 43,000, na bayyana abin da zai iya jawo hakan, na cire kalmar tagwaye gaba ɗaya. Malam ya ce na rage wa aikin armashi. Mai jarrabawa da ya zo daga waje kuwa a kan wannan shafin ya fi daɗewa, kuma bai ja layi ko ɗaya a kai ba.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Kada ka cire gishiri daga bafa, domin furotin mai caji zai riƙa mannewa da jel ya fito a makare, ka ɗauka ƙarami ne. Abin da za ka ɗora kada ya wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari na jel. Kada ka yarda da ƙirgen ɗigo, girman ɗigo yana canzawa idan furotin ya iso, ka auna kwalabenka a sikeli. Abin da ya fito tare da V0 ba shi da nauyin da za ka rubuta, ya fi ƙarfin jel ɗin ne kawai, kuma sau da yawa curarren furotin ne da ya lalace. Idan zoben shuɗi ya sauko a karkace ko yana jan wutsiya, juye jel ɗin ka sake.

Kolum ɗin yana nan cike da bafa, na matse tiyonsa da maƙali biyu. Akwai farin salatif a jikin gilashin daidai saman jel, na rubuta 54 da kwanan wata. Ragowar bulu dekstiran yana hannun Baba, zai isa ɗori uku ko huɗu.