Idan za ka je wurin mai ciwon damuwa, bar tambayar a gida

Ranar Juma'a bayan La'asar na iske ɗan ƙanena a zaure yana danna waya, fuska a murtuke. Abokinsa ne ya daina zuwa ƙwallo, ya daina ɗaga waya, ya rame. Saƙon da yake rubuta masa shi ne: "Wallahi yau sai ka faɗa min abin da ke damunka, in ba haka ba mun ɓata." Wai har sun shirya za su yi gayya su je gidansu bayan Isha'i. Na ce masa, "Yaro, goge wannan, zauna ka ji."

Ina da amini da muka tashi tare, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Jarinsa ya karye, amma ko bayan ya samu ya biya bashin, mutumin bai dawo daidai ba. Tun ƙarfe uku na dare yake farkawa barci ya gagara. Tuwo ya huce a gabansa. Mai son jin labarai ya bar rediyonsa ta yi ƙura. In ka gaishe shi sai ya ce, "Lafiya lau, alhamdu lillahi." Ni kuwa kullum na je sai na tsare shi: "Me aka yi maka? Ashe ban isa ka gaya min ba?" Da ya yi shiru sai na koma wa'azi, na ce ina tawakkalinsa, wasu sun fi shi asara suna ta harkokinsu. Daga baya na kwaso 'yan majalisarmu muka cika masa ɗaki, kowa da nasihar da ya zo da ita, shi kuma kansa a sunkuye yana murza bakin tabarma. Daga ranar, in na yi sallama sai yaro ya fito ya ce ba ya nan, alhali ga takalminsa a bakin ƙofa.

Ƙauna ce ta sa ni, kuma a lokacin wa ya taɓa gaya mana cewa ciwon damuwa ciwo ne da likita ke dubawa? Duk da haka na san akwai son kai a ciki. Shirunsa ya dame ni, ina so ya yi magana don hankalina ya kwanta. Sai da shekaru suka ja ya ce min shi kansa bai san abin da zai faɗa ba, babu wani labari da yake ɓoyewa, nauyi ne kawai a ƙirji. Tambayata kuma tana ƙara masa jin cewa ya zama kaya a wuyan mutane.

Wanda ya iya da shi wani dattijo ne maƙwabcinsa. Yakan leƙo da yamma ya ce, "Malam, taso ka raka ni kasuwa, ƙafata na ciwo." Su je su dawo, hirarsu ba ta wuce tsadar masara. In ya ƙi fita, dattijon ya zauna kaɗan a dakali ya tafi, jibi ya sake dawowa. Shi ne daga ƙarshe ya raka shi asibiti.

Ku 'yan yanzu komai sai a waya, mutum bai amsa saƙo cikin awa ɗaya ba kun yi fushi, har ku yi masa habaici a intanet. Taka ka je da ƙafarka, kai kaɗai. Kada ka ce "in kana buƙatar wani abu ka kira ni", domin ba zai kira ba. Kawo abu ƙarami mai lokaci: "Gobe bayan Magariba zan biyo mu sha shayi." In za ka tura saƙo, ƙara da cewa ba sai ya amsa ba. Ya ƙi, kada ka ƙullace shi, kuma kada ka kai zancensa majalisa.

Na ce kada ka tambaya, amma akwai inda dole ka tambaya, ƙarara. In ka ji yana cewa gara ya mutu ya huta, ko ya fara rabar da kayansa yana neman gafarar mutane ba dalili, dube shi ka ce, "Kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya ce e, maganar riƙe sirri ta ƙare: kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da tarin magunguna daga ɗakin, a sanar da babba guda mai hankali a gidan, a kai shi asibiti a ranar.

Ko babu wannan, in halin ya wuce mako 2 kusan kullum, ya taɓa barci da ci da aiki, ya kamata likita ya gan shi. A Kano akwai asibitin Dawanau da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a Kaduna akwai na Barnawa, a Sakkwato na Kware. Addu'a da magani ba sa karo. Ka ce za ka raka shi ka bi masa layin kati. In an ba shi magani, yakan ɗauki makonni kafin a ga sauƙi, kuma a nan ne da yawa ke yar da shi su ce ba ya aiki. A waɗannan makonnin ka ci gaba da zuwa.